Shekara biyar ana biya, me ya sa bashin gidan bai ragu ba?

Ma'aikacin da ya karɓi rancen gina gida yakan san lamba ɗaya tak, wato abin da ake cire masa daga albashi kowane wata. Sai bayan shekaru, ran da ya nemi banki ya ba shi takardar bayanin asusunsa, ya ga ya zuba sama da naira miliyan biyu amma bashin bai sauka da ko miliyan ɗaya ba. Daga nan zargi ke farawa. Wani lokaci zargin yana da tushe, wani lokaci kuwa lissafin daidai yake, ba a taɓa zaunar da mutumin an yi masa bayani ba ne. Takardar da ke hannunsa ta isa ta raba gardama, in ya san layin da zai duba.

A garuruwa irin su Masama ta ƙasar Gwandu, yawancin gidaje da guminsu masu su suka gina su, bulo kaɗan bana, kwano baɗi. Wanda rancen gida ke shafa shi ne ɗan garin da ke aikin albashi, a ce a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo ko a wata ma'aikata a babban birnin jihar, kuma sau da yawa a can gidan yake, domin mai ba da rance yana neman takardar shaidar mallakar fili, abin da filin gado na ƙauye bai cika zuwa da shi ba. Hanyar da aka fi sani ita ce Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, wanda doka ta kafa a 1992, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, ke kula da shi. Ma'aikaci na zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa, sannan yana iya neman rance ta hannun wani bankin lamunin gidaje a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari a shekara, ya biya cikin wa'adin da zai iya kai shekara 30.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wani ɗan Masama da ke aiki a Kalgo ya karɓi naira miliyan 5, ruwa kashi 6 cikin ɗari, wa'adi shekara 20, wato biya 240. Banki zai yanka masa naira 35,822 a wata, in aka cike kwabbai zuwa naira. Takardar da za a ba shi da Turanci take, kuma ginshiƙai uku ne abin lura: `Interest` shi ne kuɗin ruwa, `Principal` uwar kuɗi, `Balance` kuma ragowar bashi.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, ba a kan miliyan biyar ɗin farko ake lissafa ruwa har ƙarshe ba. A kan abin da ya rage a wuyan mutum a wannan watan ake lissafawa. Kashi 6 a shekara in an raba shi gida goma sha biyu ya zama rabin kashi ɗaya a wata, wato 0.005. Sauran aikin wayar hannu ma ta isa:

```
ruwa       = ragowar bashi × 0.005
uwar kuɗi  = biyan wata − ruwa
sabon bashi = ragowar bashi − uwar kuɗi
```

A watan farko bashin miliyan 5 ne cif, saboda haka ruwansa naira 25,000. Banki ruwansa yake fara ɗauka. Cikin 35,822 da aka cire wa mutumin, naira 10,822 kaɗai suka taɓa uwar kuɗi, bashin ya koma 4,989,178. A wata na biyu wannan sabuwar lamba za a ninka da 0.005, ruwa ya zama 24,946, uwar kuɗi ta samu 10,876, bashin ya sauka zuwa 4,978,302. Bambancin wata biyun naira 54 ne. Ruwa ya ragu da 54, uwar kuɗi ta ƙaru da 54, abin da ake cirewa daga albashi bai motsa ba. Haka za a yi ta tafiya, ratar tana ɗan faɗaɗa kowane wata.

Tafiyar tana da nawa ƙwarai a farko, kuma nan ne ran mutane ke ɓaci. A ƙarshen shekarar farko mutumin ya biya kusan naira 429,900, amma 133,500 ne suka rage bashi, 296,400 ruwa ya cinye. Bayan shekara biyar ya zuba kimanin miliyan 2 da dubu 149, ana binsa miliyan 4 da dubu 245. Ko da ya cika shekara goma, rabin wa'adi ke nan, bai biya rabin bashi ba, saura kusan miliyan 3 da dubu 227. Sai a biya na 103, bayan shekara takwas da rabi, kason uwar kuɗi ke fara rinjayar na ruwa. Daga nan gangara ce: a watan ƙarshe ruwan bai kai naira 200 ba. In an tattara duka, zai biya kusan miliyan 8 da dubu 597, ruwa ya ɗauki miliyan 3 da dubu 597 a ciki.

Duk wanda takardarsa ta bi wannan tsari ba a cuce shi ba, ko da abin ya yi masa ɗaci. Sharaɗin da ya sa wa hannu ke nan.

Inda nake ganin an fi barin masu rance cikin duhu shi ne wajen zaɓen wa'adi. Mutum yana zaune gaban jami'in banki, hankalinsa na kan abin da zai rage masa na cefane, sai a ce masa in ya ɗauki shekara 30 biyansa zai sauko zuwa naira 29,978. Gaskiya ne, ya samu sauƙin 5,844 a wata. Amma a watan farko naira 4,978 kawai za su shiga uwar kuɗi, kuma jimillar ruwan da zai biya za ta haura zuwa kusan miliyan 5 da dubu 792, ta zarce abin da ya ranta. Mai ƙaramin albashi da iyali da yawa zai iya zaɓar hakan da idonsa biyu, ba laifi. Laifin shi ne a nuna masa lamba ɗaya a ɓoye ɗayar.

To yaya ake gane takardar da ke da matsala? A ɗauki kowane layi, a ninka ragowar bashin watan da ya gabata da 0.005, a kwatanta da abin da aka rubuta a ginshiƙin ruwa. In an samu ɗan saɓani, kada a yi saurin ɗaga murya, domin bankuna da yawa da kwanaki suke lissafi. A kan miliyan 5, wata mai kwana 31 ruwansa 25,479, mai kwana 30 kuma 24,658, Fabrairu mai kwana 28 ya ba da 23,014. Irin wannan hawa da sauka na 'yan ɗaruruwa ko kusan dubu biyu yakan daidaita kansa a ƙarshen shekara.

Abin tsoro shi ne ginshiƙin ruwa da ba ya motsi. In wata bayan wata 25,000 ake rubutawa alhali bashin yana raguwa, to a kan kuɗin farko ake lissafa ruwan, ba a kan ragowa ba. Da baki shi ma kashi 6 ne, amma a shekara 20 ruwansa miliyan 6 ne cif, biyan wata kuma 45,833. Wannan salo ya fi yawa a ƙananan rance na gajeren wa'adi. Wanda ya gan shi a takardar gida ya koma ga wasiƙar da aka ba shi ranar amincewa da rancen, ya duba wane irin lissafi ya yarda da shi.

Akwai kuma ragowar bashi da ke hawa maimakon sauka. Galibi wannan ba ya rasa nasaba da biyan da bai isa banki a kan lokaci ba. Takardar albashi za ta nuna an cire kuɗin, amma cirewa daban, turawa daban. In kuɗin ya kwana a hanya wata biyu ko uku, banki bai san da zamansa ba, ruwa yana ci gaba da taruwa, kuma ya danganta da yarjejeniya a iya ɗora tara ko a haɗa ruwan da ba a biya ba cikin bashin, shi ma ya fara haifar nasa ruwan. Maganinsa a jera takardun albashi kusa da takardar banki, a bi kwanan wata ɗaya bayan ɗaya. A wajen wannan jerawa ne wasu ke ruɗewa da layin NHF na takardar albashi, su ƙirga shi cikin biyan bashi. Wancan kashi 2.5 ajiya ce ta daban, ana mayar wa ma'aikaci ita bayan ya yi ritaya, ba ta rage ko kwabo daga bashin gida. Haka kuɗin inshorar gobara da ta rai, in an haɗa su cikin abin da ake cirewa, sai an ware su gefe kafin lissafin ya fita.

A ƙasar Gwandu ba a maganar kuɗin ruwa a wuce ba a taɓo hukuncinsa ba, kuma mutane da yawa saboda shi suke ƙin rancen gaba ɗaya. Hukuncin na malamai ne. Abin da ya shafe mu a nan shi ne bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, su ma suna ba da takarda mai buƙatar karatu. A tsarin musharaka mai raguwa, banki da mai saye sun yi tarayya a gidan, biyan kowane wata ya kasu biyu: hayar kason banki, da kuɗin sayen wani yanki na kason. Hayar ya kamata ta riƙa sauka yayin da kason banki ke ƙanƙancewa, sai dai in an sake duba farashin haya kamar yadda yarjejeniya ta tanada. A murabaha kuwa tun ranar ciniki aka yanke farashi da riba, don haka mai son biya da wuri ya tambayi ko za a yi masa rangwame tun kafin ya kai kuɗinsa.

Biya da wuri a rancen mai ruwa lissafinsa a fili yake. A ce mutumin namu ya sayar da albasa ko shinkafar rani a ƙarshen shekarar farko, ya samu rarar naira dubu 200 ya zuba a uwar kuɗi, ya ci gaba da biyan 35,822. Zai gama kusan wata 17 kafin lokaci, ya tsira da ruwan da ya kusa dubu 400. Ni dai ba zan ce kowa ya ruga ya yi haka ba. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, kuma a irin wannan yanayi bashin kashi 6 darajarsa narkewa take yi da kanta, ta yiwu dubu 200 ɗin su fi amfani a taki da man injin ban ruwa. Wanda burinsa ya rabu da ruwa da sauri kuwa, farkon wa'adi ne lokacin da kuɗinsa zai fi yin aiki. Ya fara duba ko yarjejeniyarsa ta ɗora caji a kan biya kafin lokaci, sannan ya rubuta wa banki a takarda cewa kuɗin na rage uwar kuɗi ne, don kada a ajiye su a matsayin biyan watanni masu zuwa. A takardar wata mai bi, ruwan ya kamata ya faɗi da naira 1,000 a kan saukar da ya saba yi, domin 200,000 sau 0.005 ke nan. In bai faɗi ba, kuɗin ba su shiga inda aka ce su shiga ba, sai a koma banki da kwafin wasiƙar.