Tu da vous na Faransanci: yadda za a mayar da su cikin Hausa

1. Gabatarwa

A Faransanci, mai magana da mutum guda dole ya zaɓi ɗaya cikin wakilan suna biyu: tu ko vous. Tun 1960 Brown da Gilman suka nuna cewa abu biyu ne ke jan ragamar wannan zaɓi, wato fifiko da kusanci. Ɗalibanmu na fassara sukan yanke hukunci da sauri, su ce tu shi ne kai ko ke, vous kuma shi ne ku. A wannan takarda za mu nuna inda wannan lissafi yake karyewa, da abin da ya kamata mai fassara ya yi.

2. Me ya sa ku bai isa ba

Gaskiya ne Hausa tana da ku na girmamawa. Yaro yakan ce wa kakansa "Kun kwana lafiya?", haka ma suruki ga surukinsa. Amma aikinsa ya sha bamban da na vous ta fuska biyu.

Na farko, vous yana tafiya ya dawo: baƙi biyu tsara guda da suka haɗu a tasha za su yi wa juna vous. Ku na girmamawa kuwa galibi sama yake hawa, daga ƙarami zuwa babba, ba ya saukowa.

Na biyu, ka da ki ba su ɗauke da raini. Bafade yana faɗuwa gaban sarki ya ce "Ranka ya daɗe", da wakilin suna tilo, kuma babu ladabin da ya wuce wannan. Ke nan a Hausa nauyin girmamawa ba a kan wakilin suna kaɗai yake ba. Ya rarrabu a kan laƙabi (Malam, Alhaji, Hajiya), da sunan zumunta (Baba, Inna, Kawu), da ƙin kama sunan yanka, da kuma siffar umurni.

3. Misali

Mu ɗauki shugaban makaranta a ofishinsa. Ga abin da ya faɗa wa uban wani ɗalibi, sannan ga ɗalibin:

(1) Asseyez-vous, Monsieur.
(2) Assieds-toi.

In aka fassara (1) da "Ku zauna", mai karatu zai zaci uban da ɗansa ake nufi, domin kalmar jam'i ce. Faransanci yana da abin warware wannan a rubuce: vous êtes fatigué na mutum guda ne, vous êtes fatigués na mutane da yawa. "Kun gaji" ba ta da wannan alama. Abin da ya fi dacewa shi ne:

(3) Malam, bismilla, ga wuri.
(4) Zauna.

A (3) babu wakilin suna ko ɗaya, amma girmamawar ta fito daga laƙabi da gayyata. In uban dattijo ne, sai a ce "Baba, a zauna", da siffar nan da ba ta nuna mai aiki, wadda muke ji a "An zo lafiya?". A (4) umurni tsirara ya isa ya nuna tazarar da ke tsakanin shugaba da yaro.

4. Inda aka sauya tsakiyar magana

Wuri mafi wuya shi ne inda sauyin kansa ne labarin. A ce gardama ta yi zafi, shugaban ya koma yi wa uban tu, uban ya ce:

(5) Je ne vous permets pas de me tutoyer.

Hausa ba ta da aikatau da ya yi daidai da tutoyer. Wanda ya rubuta "Ban yarda ka ce mini kai ba" ya rubuta abin da Bahaushe ba zai gane ba. Dole a gina sauyin tun daga baya: shugaban da ke cewa "Malam" ya yar da laƙabin, ya kama sunan yanka gatsau, ko ya ce "Kai!". Sa'an nan amsar uban ta zauna daidai:

(6) Ni kake kira haka? Ni ba tsaranka ba ne.

Haka kuma sauyin aminci, On peut se tutoyer ?, ana iya mayar da shi da "Bar ce mini Malam, ai mun zama ɗaya".

5. Kammalawa

Kafin mai fassara ya taɓa tu ko vous, ya tambayi kansa: wa ya girmi wa, kuma zaɓin yana dawowa ko kuwa hanya guda yake bi? Ya kuma tuna cewa Hausa tana tilasta abin da tu ya ɓoye, wato jinsi: sai an san namiji ne ko mace kafin a rubuta ka ko ki. Gwajin ƙarshe mai sauƙi ne. A karanta fassarar ga wanda bai ji Faransanci ba, a tambaye shi wane ne babba cikin masu maganar. In ya kasa faɗa, da sauran aiki.