Maƙala Ta Ƙi Hawa: Wasiƙar da Ta Ceci Aikin Shekara Biyu

Ƙarfe tara da rabi na daren wata Alhamis wayata ta yi ƙara. Wata abokiyar aikina ce, malamar jami'a mai bincike kan cututtukan gero. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Malam, maƙalata ta ƙi hawa, kuma gobe wa'adin zai cika."

Shekara biyu ta yi tana wannan bincike. Wata mujallar kimiyya ta ƙasar waje ta karɓi maƙalar a zagayen farko, masu tantancewa sun nemi gyare-gyare, ta yi su duka. Abin da ya rage kawai ta ɗora gyararren kwafin a shafin mujallar. Rubutun ya hau lafiya, hotuna uku sun hau, na huɗu ya turje. Sau biyar tana gwadawa.

Ga wanda bai san harkar ba, yanzu ba kasafai ake aika maƙala ga edita kai tsaye ba. Mujallu suna da manhajojin karɓar maƙala. Manyan kamfanonin ɗab'i sun fi amfani da Editorial Manager ko ScholarOne, mujallun jami'o'i da yawa kuma, har da na nan Najeriya, suna amfani da Open Journal Systems, wadda kyauta ce. Marubuci zai buɗe asusu, ya cika suna da taƙaitaccen bayanin aikin, ya ɗora fayil-fayil ɗinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya danna maɓallin miƙawa. Idan wani abu ya cije a hanya, yawanci ba edita ne zai warware shi ba. Editan shi ma malamin jami'a ne da ke duba ingancin ilimi. Akwai wasu ma'aikata daban, masu kula da manhajar da amsa koke-koken marubuta, kuma su ne ake rubuta wa.

Na tambaye ta ko ta rubuta musu. Ta ce ta rubuta tun da yamma, ta karanta mini. Da Turanci ta rubuta, amma ga ma'anarsa: "Na yi ta ƙoƙarin ɗora maƙalata amma shafinku ba ya aiki. Don Allah a taimaka mini da gaggawa." Shi ke nan.

Ban ga laifinta ba, don wanda hankalinsa ya tashi haka yake rubutu. Sai dai mu tsaya a matsayin wanda zai buɗe wannan saƙo. Mutum ne a wata ƙasa, gabansa jerin koke-koke, wataƙila na mujallu da dama. Ba ya ganin allon kwamfutarta. Bai san wace maƙala ba ce, bai san a wane mataki abin ya tsaya ba, bai san me allon ya rubuta ba. Iyakar abin da zai iya shi ne ya mayar da tambaya, ita kuma sai washegari ta gani, ta amsa, ya sake tambaya. Kafin a gama wannan kai-komo wa'adi ya wuce. Kamar mutum ne ya je wajen likita ya ce "ba ni da lafiya," ya ja bakinsa ya yi shiru.

Na ce, "Dakta, kafin mu sake rubutawa, sake gwadawa, ki karanta mini ainihin abin da ya fito." Ta gwada. Bayan ɗan jim sai ta karanto:

```
413 Request Entity Too Large
```

Wannan layi ɗaya ya fi duk bayanin da ta yi mini a baya amfani. Lambar 413 amsa ce da babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, wadda ake kira saba, take bayarwa idan abin da aka turo ya fi girman da aka yarje mata ta karɓa. Ma'ana netwok ɗin Dakta ba shi da laifi, saƙonta ya isa, can aka ƙi shi. Da matsalar ta yankewar netwok ce, da ɗorawar za ta riƙa tsayawa a wurare mabambanta, yanzu a rabi, an jima a kusa da ƙarshe, kuma ƙaramin fayil ma zai iya faɗuwa. Nata kuwa kullum fayil ɗaya ne, saƙo ɗaya ne. Da 504 ta gani, wannan kuma labarin jinkiri ne, wato an jira amsa har lokacin jira ya ƙare, kuma sau da yawa sake gwadawa daga baya yana isa.

Muka duba hoton da ya turje. Hoton ganyen gero ne da aka ɗauka ta madubin ƙara girma, aka ajiye shi a tsarin TIFF ba tare da matsewa ba. Faɗinsa ɗigo 4,000, tsayinsa ɗigo 3,000. Lissafin ba shi da wuya: ɗigo miliyan 12 ke nan, kowane ɗigo mai launi yana cin bayit 3, jimla megabayit 36. Sauran hotunan uku zane-zanen ƙididdiga ne, babu wanda ya kai megabayit 2. Ko da sabar za ta karɓa, a layin da ke tura megabit ɗaya a daƙiƙa, wannan hoto zai ci kusan minti biyar yana tafiya, kuma duk mai aiki da datar waya ya san abin da kan iya faruwa cikin minti biyar.

A nan akwai abin da nake so marubutanmu su sani, musamman masu aika wa ƙananan mujallu. Iyakar girman fayil ba doka ce daga sama ba, saiti ne da wani mutum ya sa, ko ya manta bai canza ba. Open Journal Systems, alal misali, da harshen PHP aka gina ta, kuma saitin PHP na asali, `upload_max_filesize`, megabayit 2 ne kacal har sai mai kula da saba ya ɗaga shi. Don haka marubuci na iya bin duk ƙa'idojin da mujalla ta rubuta, fayil ɗinsa ya ƙi shiga, kuma mujallar ba za ta sani ba sai wani ya gaya mata dalla-dalla.

Sai muka zauna, ita can ni nan, muka rubuta wasiƙa ta biyu. A kan saƙon ta sa lambar maƙalar, da kalmomin da ke nuna ɗorawa ta gaza, da ranar cikar wa'adi. A ciki ta ce:

"Barka da aiki. Ni ce marubuciyar da ke tuntuɓar mujalla kan maƙala mai lamba kaza, mai take kaza, kuma da wannan adireshin imel na buɗe asusuna. Ina ƙoƙarin miƙa gyararren kwafi, wa'adinsa gobe Juma'a. Babban rubutun da hotuna na 1 zuwa na 3 sun hau. Hoto na 4, fayil ɗin TIFF mai megabayit 36, ya ƙi hawa. Na gwada sau shida tsakanin ƙarfe 4 na yamma da ƙarfe 10 na dare agogon Najeriya, wanda ke gaban GMT da awa ɗaya. Kowane karo saƙon da ke fitowa shi ne 413 Request Entity Too Large. Ga hoton allon a haɗe. Na gwada da Chrome da Firefox, da netwok biyu daban, sakamakon bai canza ba. Ina roƙon abu biyu: ku sanar da ni iyakar girman fayil da shafin ke karɓa ko wata hanyar da zan aiko da hoton, kuma ku shaida wa ofishin edita cewa na fara miƙawa kafin wa'adi, domin a ƙara mini lokaci idan da hali. Ban buɗe sabuwar miƙawa ba, ina jiran umarninku. Na gode."

Kowace jimla a ciki tana ɗauke wa mai karatu tambaya ɗaya. Lambar maƙala da imel suna kai shi ga asusun nan take. Lokacin da aka ambata, tare da bambancin agogo, yana ba shi damar buɗe rajistar sabar ya ga abin da ya faru a daidai wannan sa'a, kuma shi ne shaidar Dakta cewa ba sakaci ta yi ba. Wannan shaida tana da nauyi, don a wasu mujallu idan wa'adin gyara ya wuce ƙofar takan rufe, wani lokaci ma sai a ɗauki maƙalar a matsayin sabuwa, a koma farkon layi. Faɗin abin da ta riga ta gwada kuwa ya hana a ba ta amsar da aka saba, wato canza burauza ki sake gwadawa.

Jimlar kusa da ƙarshe ita ce muka fi jayayya a kai. Dakta ta so ta buɗe sabuwar miƙawa ko za a dace. Na hana ta. Yin haka yakan bar kwafi biyu na aiki ɗaya a cikin manhajar, sabon ya rabu da tarihin tantancewar da aka riga aka yi, kuma edita na iya ɗauka an aiko da maƙala sau biyu. Ta kuma tambaya ko ta haɗa da kalmar sirrinta don su shiga su gani da kansu. Wannan ma a'a. Ma'aikacin gaskiya ba ya buƙatarta, yana da tasa hanyar shiga.

Ba mu kwanta muna jira ba. Ta duba ƙa'idojin mujallar, ta ga ɗigo 300 a kowane inci ake nema ga irin wannan hoto. Faɗin shafin mujalla bai wuce kamar santimita 17 ba, wato ɗigo 2,000 sun wadatar. Ta adana na asali a gefe, ta rage kwafinsa zuwa 2,000 da 1,500, sai ya koma megabayit 9, ba tare da ya sauka ƙasa da ingancin da aka nema ba. Ta kuma sauya sunan fayil ɗin. Da ta sa masa suna da Hausa, har da ƙ da ɗ da tazara a tsakani, kuma wasu manhajoji suna tuntuɓe da irin waɗannan haruffa a sunan fayil. Ta mayar da shi `Figure4.tif`. Ƙarfe sha ɗaya saura ya hau.

Saura ƙiris ta rufe kwamfutar a nan, kuma a nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami na biyu. Hawan fayil ba shi ne miƙawa ba. A Editorial Manager, misali, manhajar takan haɗa komai ta gina PDF guda, sai marubuci ya buɗe shi ya duba, sannan ya danna `Approve Submission`. Wanda bai yi haka ba, maƙalarsa tana nan zaune a asusunsa, edita bai gan ta ba, shi kuma yana gida yana ƙirga watanni. Dakta ta bi matakan mujallarta har ƙarshe, ba ta tashi ba sai da imel ɗin tabbatarwa ya shigo. Sannan ta aika gajeren saƙo a ƙarƙashin wasiƙar nan, ta ce an dace, ga yadda ta yi.

Da safe amsa ta zo, sakin layi biyu. Ma'aikacin ya tabbatar da cewa miƙawar ta cika cikin wa'adi, ya faɗi iyakar girman da shafin ke karɓa, ya ce za su ƙara wannan bayani a cikin ƙa'idojin marubuta, don a da babu shi. Wasiƙarta ta farko kuwa, sai bayan nan aka amsa ta, da tambayar wace maƙala take nufi.

Ga ɗalibanmu na digiri na biyu da na uku da ke shirin aika maƙalarsu ta farko: ranar da allon ya nuna muku wani saƙon da ba ku gane ba, kada ku rufe shi. Ku ɗauki hotonsa tukuna, ku rubuta ƙarfe nawa ne.