Dalilin da ya sa sallama kaɗai ba ta samun amsa a waya

A tsakanin Hausawa, wanda ya faɗa cikin magana bai yi gaisuwa ba ana yi masa kallon marar tarbiyya. Shi ya sa mutane da dama ke jin zafi idan suka aika wa wani babban ɗan kasuwa ko jami'in gwamnati "Assalamu alaikum" ta manhajar WhatsApp, kwana ya yi kwana biyu ba a tanka musu ba. Abin da ya fi saurin zuwa zuciya shi ne girman kai. Wani lokacin hakan ne, amma galibi matsalar tana jikin saƙon ne.

Sallamar ƙofar shago da ta waya ba ɗaya ba ce, ko da kalmomin iri ɗaya ne. Wanda ya tsaya a bakin shago a Kantin Kwari ya yi sallama, kafin ya rufe baki mai shagon ya riga ya ga fuskarsa da shigarsa, ya lura da kayan da idonsa ya sauka a kai, ya kuma ƙiyasta ko mai saye ne ko mai neman taimako. Ana gama tambayar gida da kasuwa cikin minti ɗaya, a shiga magana. A waya kuwa, abin da ke isa ga mai shagon baƙuwar lamba ce da kalmomi biyu, wani lokacin ma "Slm" kawai. Duk abin da ido ke ba shi a shago ya ɓace, saƙon kuma bai maye gurbinsa da komai ba.

Mai karɓar saƙon yana da dalilin yin taka-tsantsan. Ya san cewa da gaisuwa mai neman bashi ke farawa, da ita kuma ɗan damfara ke farawa. Masu ƙwace wa mutane asusun WhatsApp sukan buɗe hira da gaisuwa ta mutunci, sai an saki jiki su nemi a karanto musu lambobi shida da aka turo ta saƙon tes. Wanda aka taɓa yi wa haka, ko aka yi wa maƙwabcinsa, ba zai yi rawar jiki wajen amsa baƙuwar lamba ba. Akwai kuma batun alamomin nan biyu da ke komawa shuɗi da zarar an buɗe saƙo. Buɗewa na nufin mai aikowa ya san an gani, amsawa kuma na nufin an shiga hirar da ba a san tsawonta ba. Don haka sai ya leƙa saƙon daga saman allo, ya bar shi da niyyar komawa, sabbin saƙonni su danne shi zuwa ƙasa.

Masu ƙorafi kan kafa hujja da cewa amsa sallama umarni ne na addini, kuma gaskiya ne, aya ta 86 a Suratun Nisa'i ta zo da haka. Sai dai ladubban neman izini sun ɗora wa mai sallama nasa nauyin. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Jabir ɗan Abdullahi ya je ƙofar Manzon Allah (SAW), da aka tambayi ko wane ne sai ya amsa da cewa shi ne, bai ambaci suna ba, Manzon Allah kuma ya nuna rashin jin daɗin wannan amsa. Sallama daga lambar da ba a sani ba kusan irin wannan amsar ce.

Mu ɗauki misalin mai shagon atamfa a Gombe da ya samu lambar wani dila a Kano. Da ƙarfe takwas na safe ya tura sallama. Dilan yana tsakiyar ciniki, bai duba ba sai bayan azahar, ya amsa. Mai shagon ya gani bayan la'asar, ya rubuta "Ya kasuwa?" An amsa masa da daddare. Washegari ya rubuta "Don Allah ina da tambaya." Yini guda da rabi ke nan, saƙo biyar sun wuce, dilan bai san sunan mutumin ba balle abin da yake so. Wannan ma idan an ci sa'a dilan mai haƙuri ne, domin da yawa a saƙo na biyu suke ajiye hirar.

Da mai shagon ya haɗa komai wuri guda, saƙonsa zai yi kama da haka: "Assalamu alaikum Alhaji, barka da kasuwa. Sunana wane, ina da shagon atamfa a babbar kasuwar Gombe. Alhaji wane mai shadda, na layinku, shi ya ba ni lambarka. Ina neman turmi 40 na irin wadda ke cikin hoton nan, kala huɗu, goma-goma. Akwai ta a ƙasa, kuma nawa ne turmi? Ina so in saka a motar ranar Alhamis. Na gode."

Gaisuwar tana nan a mazauninta, ba a rage mata komai ba, abin da aka daina shi ne jiran a amsa ta kafin a faɗi sauran. Ambaton wanda ya ba da lambar shi ne mafi nauyi a cikin saƙon, domin shi ke tsayawa a madadin fuska. Dilan na iya ɗaga kai ya tambayi maƙwabcin nasa ko ya san wane na Gombe, sannan yin biris da saƙon ya zama yin biris da maƙwabcin. Adadin turmi yana shaida masa cewa sari ake nema, wanda farashinsa ya bambanta da na ɗai-ɗai. Ranar mota kuma tana gaya masa lokacin da amsar za ta daina amfani. Sannan tambayar irin wadda ake amsawa a tsaye ce, da kalma uku ko huɗu: akwai, kaza ne. Da a ce ya rubuta "Me kuke da shi?", da ya ɗora wa dilan aikin ɗaukar hotunan shago guda saboda wanda bai sani ba.

Haka abin yake a ofis. Ma'aikacin da ke bibiyar takardar ƙarin girma, idan ya rubuta wa jami'in sashen mulki, ya faɗi sashensa, lambar fayil da ranar da ya miƙa takardar, sannan ya yi tambaya guda: ta bar teburin nan ko akwai abin da ya rage? Da lambar fayil jami'in zai iya dubawa ko ya tura wa magatakarda saƙon yadda yake, ba sai ya sake tambayar komai ba.

Ana iya zarce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Saƙon da ya cika allo da tarihin rayuwa, buƙatar na can ƙasa, shi ma ajiye shi ake yi sai an samu lokaci. Saƙon murya na minti huɗu ya fi shi muni, tun da ba a iya leƙa shi, kuma ba a sauraronsa a tsakiyar taro ko hayaniyar kasuwa. Duk da haka akwai 'yan kasuwa da yawa da murya ta fi musu sauƙi a kan rubutun boko. Ga irinsu, a yi shi kamar rabin minti, suna da wanda ya haɗa ku su zo a farko.

Idan an aika cikakken saƙo aka ji shiru, alamomin da ke gefensa na ba da haske. Alama ɗaya na nufin bai isa wayar ba tukuna, wataƙila babu data ko an sauya lamba, nan kira ya fi dacewa. Idan biyu ne, a jira yini ɗaya ko biyu, sannan a sake rubutawa tare da maimaita buƙatar a taƙaice, maimakon tura alamar tambaya ko sabuwar sallama. Mai shagon Gombe zai iya cewa: "Alhaji, ina tuni ne kan turmi 40 ɗin nan, gobe motar za ta tashi." In hakan ma bai yi ba, sai ya roƙi wanda ya ba shi lambar ya taka zuwa shagon ya yi masa magana.