Inuwa, Layi da Haske: Gyaran Rubutun Katin Biki a Photoshop

Katin ɗaurin aure ne a buɗe a kwamfuta, girmansa A5. Bayansa hoton shadda ne ruwan zuma mai sheƙi, a samansa kuma an rubuta “Ɗaurin Aure” da farin rubutu. Mai katin ya duba ya ce rubutun ya ɓace a cikin shaddar, a fito masa da shi. A nan ne sabon shiga yakan yi abin da ke ɓata mini rai: ya kunna inuwa, ya kunna layin gefe, ya ƙara haske, duk a lokaci guda, rubutun ya koma kamar an shafa masa manja. Alhali abu ɗaya ne ke damun katin, wato fari da ruwan zuma mai haske sun yi kusa da juna, ido bai ga inda harafi ya ƙare ba.

Kafin a taɓa komai, a duba jerin da ake kira Layers. Idan akwai harafin T a gefen sunan rubutun, to rubutun na da rai, za a iya sauya kalma ko launi, adon da aka yi masa kuma ya bi shi. Idan hoton JPEG aka turo ta WhatsApp, rubutu da shadda sun riga sun zama abu ɗaya, babu abin da za a ɗora wa inuwa shi kaɗai. Sai a nemi ainihin fayil ɗin PSD, ko a sake buga rubutun.

A danna sau biyu a filin da ke dama da sunan rubutun, akwatin Layer Style zai buɗe. Idan an riga an yi masa ado, za a ga alamar fx da sunayen adon a jere a ƙarƙashinsa, kowanne da ɗan ido a gefe. Ni nakan fara da rufe idanun nan ɗaya bayan ɗaya, domin ta haka nake gane wanne ne ke aiki, wanne ne kaya kawai.

Layin gefe, wanda aka rubuta Stroke, shi ne maganin katinmu, kuma shi ne ya fi bukatar natsuwa. Abin da ya fi kauri muhimmanci shi ne wurin zamansa, Position. Idan aka zaɓi Inside, layin zai ci naman harafin daga ciki, siririn rubutu ya rame har farinsa ya kusa ƙarewa. Center yana raba shi biyu, rabi ciki rabi waje. Outside kuwa yana barin harafin yadda yake, ya kewaye shi ta waje, shi ya sa ya fi dacewa da rubutu. Aibinsa shi ne idan ya yi kauri yakan lanƙwasa kusurwoyin haruffa, ya kuma haɗa harafi da maƙwabcinsa.

Mu masu rubutun Hausa muna da ƙarin dalilin yin hattara. Ƙugiyar da ke kan ɗ da ƙ da ɓ ƙarama ce, ratar da ke tsakaninta da jikin harafin ba ta da yawa. Layi mai kauri yakan cike wannan ratar, ƙugiya ta dunƙule, mai karatu daga nesa ya ga “baki” a inda aka rubuta “baƙi”. Saboda haka ƙugiyar ce ma'aunina. Ina ƙara kaurin a hankali ina kallon Ɗ ɗin “Ɗaurin”, da na ga lanƙwasarta ta fara toshewa sai in ja baya.

Kaurin nawa ke nan? Lambar da ke Size ba ta da ma'ana sai an san ƙudurin hoton. Katin A5 da aka shirya a kan 300 a kowane inci yana da faɗin ɗigo 1748 da tsawon 2480, kuma ɗigo 12 ne ke ba da kusan milimita ɗaya a takarda. A babban kan rubutun katinmu, layi mai 6, wato rabin milimita, ya isa. Launin ma ba sai baƙi wuluk ba. Na fi son a ɗauko ruwan ƙasa mai duhu daga cikin inuwar shaddar kanta, sai layin ya zauna kamar da shi aka haifi katin. Ƙananan rubutun da ke faɗin rana da wuri kuwa, kada a ba su wannan kaurin. Gara a sa musu launi mai duhu, a bar su babu ado.

Inuwa, Drop Shadow, aikinta ta ɗaga rubutun daga kan shaddar kaɗan. Distance ne nisanta daga harafi, Size ne laushin bakinta, Spread kuma yana ƙara mata tauri da cika. A katinmu Distance 8, Size 15, Spread 0, Opacity wajen 40% za su yi. Idan nisan ya yi yawa kuma bakin ya yi kaifi, ido zai ga rubutu biyu, karatu ya yi wuya. Akwai kuma wani ɗan akwati, Use Global Light, da ke rikita mutane. Muddin yana kunne, juya Angle a rubutu ɗaya zai juya inuwar duk sauran da ke amfani da shi. A ganina wannan alheri ne, domin rana ɗaya ce ke haska kati ɗaya. Wanda ke son wata inuwa ta bambanta sai ya cire alamar kafin ya juya.

Hasken gefe, Outer Glow, ba shi da gurbi a wannan katin. Yana zuwa ne da Blend Mode a kan Screen, wanda ƙara haske kawai ya iya, don haka a kan fari ko shadda mai haske kusan ba ya fitowa, mutum ya yi ta ƙara Size a banza. Wurinsa bango mai duhu ne. Haka ita ma inuwa, da yake a kan Multiply take, ba a ganinta a kan baƙi. Mai son duhu mai laushi ya kewaye harafi ta ko'ina zai iya mayar da hasken zuwa Multiply ya zaɓi launi mai duhu.

Da adon ya zauna, a danna dama a kan rubutun a zaɓi Copy Layer Style, sannan Paste Layer Style a kan sunayen ango da amarya. Sunayen sun fi kan rubutun ƙanƙanta, amma adon zai zo da lambobinsa na asali, ya yi musu yawa. Haka ma idan aka ƙara girman rubutu da Ctrl+T, harafi zai girma, layi da inuwa su tsaya yadda suke. Gyaran yana cikin Layer > Layer Style > Scale Effects. Idan sunayen rabin kan rubutun ne, a sa 50%, layin ya koma 3, nisan inuwar ya koma 4.

Saura gwaji a takarda. Fuskar kwamfuta haske take fitarwa, takarda kuwa tawada take sha, don haka inuwar da ta yi laushi a gilashi takan fito da duhu fiye da yadda aka zata. A buga kwafi ɗaya a ainihin girmansa kafin a kai wa maɗaba'a, a riƙe shi nisan hannu, a duba ko ƙugiyar Ɗ tana nan a buɗe. Idan ta toshe, a koma PSD ɗin a rage layin daga 6 zuwa 4, a sake bugawa.