Allurar Tsoka: Inda Ake Soka Ta Da Abin Da Ake Dubawa

Allurar tsoka ita ce wadda ake ratsa fata da kitsen da ke ƙarƙashinta har bakin allura ya shiga naman jiki, sannan a zuba magani a can. Jini na yawo a tsoka fiye da yadda yake yi a kitse, shi ya sa maganin da ya sauka cikinta jiki ke kwashe shi da sauri. Aikin ma'aikaciyar jinya dai shi ne ta kai maganin cikin tsokar, ba tare da ta taɓa jijiya ko hanyar jini ba.

Tun kafin a fasa kwalba ake fara aikin. Ma'aikaciyar za ta ce wa majiyyaci ya faɗi sunansa da bakinsa, ta gwada da na jikin kati, domin a ɗaki guda ana iya samun masu suna ɗaya har uku. Za ta duba sunan magani, da ƙarfinsa, da adadin da likita ya rubuta, da lokacinsa, ta kuma tabbata na tsoka ne. Sai ranar lalacewa, da launin ruwan, ko ya canza. Tambayoyi biyu ba a tsallake su: ko wani magani, musamman penisilin, ya taɓa sa shi ƙaiƙayi, kumburi ko sarƙewar numfashi, da kuma ko yana shan maganin tsinka jini irin su wafarin, ko yana da ciwon da jininsa ba ya saurin tsayawa. Irin wannan majiyyaci jini na iya taruwa masa cikin tsoka, don haka sai an koma wa likita tukuna.

A ƙasar Hausa da an ce allura, mutum sai ya juya baya, saboda an saba da ɗuwawu. Amma a nan haɗarin ya fi yawa. Wata babbar jijiya mai kaurin yatsa, wadda likitoci ke kira sayatik, tana fitowa daga ƙashin baya, ta ratsa ɗuwawu, ta gangara ƙafa. Idan allura ta same ta, babba zai ce wani abu kamar lantarki ya tsarga masa har tafin ƙafa, kuma a nan take ake zare allurar ba tare da an tura magani ba. Yaro kuwa ihu kawai zai yi, ihun da ba a bambance shi da na tsoro. Sai bayan zazzaɓi ya sauka a ga yana jan ƙafa, ba ya iya ɗaga kan yatsunsa, har a gida a ɗauka shan inna ce. Wasu suna warkewa bayan watanni ana gashi, wasu kuma da ɗingishin suke girma. Wannan ya sa ba a yi wa jarirai da ƙananan yara allura a ɗuwawu. Ko ga babba, in ta kama dole, akan raba ɓangaren gida huɗu, a soka a na sama ta waje kaɗai.

Wurin da ya fi aminci ga babba shi ne gefen ƙugu, kuma da hannu ake gano shi, ba da ido ba. Majiyyaci zai kwanta ta gefe. In ƙugun dama ne, ma'aikaciyar za ta ɗora tafin hannunta na hagu a kan ƙashin da ya turo a saman katara, ta miƙa manuniya zuwa tsinin ƙashin ƙugu na gaba, ta ware yatsan tsakiya zuwa baya. Tsakanin yatsun biyu ake sokawa. Tsokar wurin tana da kauri, kitsen bai kai na ɗuwawu ba, kuma babu babbar jijiya kusa. Tana ɗaukar magani har mililita 3.

Ga jariri, cinya ce: a raba ta uku daga gwiwa zuwa ƙugu, a ɗauki kason tsakiya, ta gaba-gaba wajen gefe. Damtse kuma na ƙaramin magani ne, kamar rigakafi, wanda bai wuce mililita 1 ba. Ana laluben ƙashin saman kafaɗa, a sauko faɗin yatsa biyu zuwa uku. In an yi sama da yawa a shiga gaɓar kafaɗa, in an yi ƙasa a kusanci jijiyar hannu.

Mutane sukan roƙi a sa musu gajerar allura don gudun zafi, alhali ita ta fi jawo wahala. Idan bakin bai kai tsoka ba, maganin zai kwanta a kitse, ya daɗe bai bi jiki ba, wurin ya dunƙule, wani lokaci ya zama ƙurji. Jariri yakan buƙaci allura mai milimita 25 a cinya, sabon haihuwa 16. Babba kuwa tsakanin 25 da 38, gwargwadon jikinsa: ramamme ta gajeriyar, mai ƙiba ta doguwar. Lambar da ke jikin leda ta kauri ce, kuma iya girman lamba iya sirantar allura. Mai 23G, mai shuɗin gindi, ta isa maganin da ke kamar ruwa. Mai 21G, koriya, ita ake ɗauka wa magani mai kauri ko mai maiƙo.

A ɗauki yaro mai kilo 10 da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa tsanani, aka rubuta masa atemita saboda babu atesunet. Adadin farko miligiram 3.2 ne a kowane kilo, wato miligiram 32. Idan kwalbar tana da miligiram 80 a mililita ɗaya, za a zuƙi mililita 0.4. Akwai kuma kwalbar yara mai miligiram 40 a mililita, wadda za a zuƙi 0.8 daga cikinta. Wanda ya zuƙa da ka bai karanta ba, ko ya ba da rabi ko ya ninka. Ma'aikaciyar ta wanke hannu, ta buɗe sabon sirinji a gaban uwar, ta ce, “Mama, ɗora shi a cinyarki, ki riƙe min gwiwar nan kam.” Ta goge gaban cinyar yaron da auduga mai sifirit, ta jira kamar daƙiƙa 30 ya bushe, domin jiƙaƙƙen sifirit raɗaɗi yake ƙarawa. Sannan ta soka a miƙe tsaye, da motsi ɗaya, ba a karkace ba.

Ko za a ja bayan sirinji a duba jini, wannan ya danganta da magani da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta buƙatar haka a allurar rigakafi, tunda babu manyan hanyoyin jini a wuraren da ake yin ta. Amma a ɗuwawu, da magunguna irin su benzatin penisilin da shigarsu hanyar jini ke iya yin mummunar illa, ana ja na daƙiƙa 5 zuwa 10. In jini ya shigo, a zare, a yar da komai, a haɗa sabo. In babu, a tura a hankali, kusan mililita ɗaya a daƙiƙa 10, a ɗan dakata, a zare, a danna da busasshiyar auduga. Murzawar nan da ake yi don wai magani ya baje ba ta da amfani, tana ma iya turo shi cikin kitse.

Ba a mayar wa allura murfi, domin a nan ma'aikata suka fi soke kansu. Kai tsaye ake jefa ta cikin akwatin kwali na sharar allura. Sai a rubuta magani, adadi, lokaci da gefen da aka yi, don gobe a canza wuri. Majiyyaci zai zauna kamar minti 15 ana lura da shi, da adirenalin a kusa, saboda kumburin fuska, ƙaiƙayin jiki ko sarƙewar numfashi sukan zo ne cikin mintunan farko. Ɗan tsamin kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Amma in wurin ya yi zafi, ya kumbura, zazzaɓi ya biyo baya, ko ƙafa ta mutu ko ta ƙi ɗaguwa, a dawo asibiti a ranar.