Takardar Ma'aji: Layi Shida da Ke Hana Rigima a Ƙungiya

A yawancin ƙungiyoyin gama kai, na manoma ne ko na 'yan kasuwa ko na malaman makaranta, idan aka zauna taron wata sai ma'aji ya miƙe ya ce kuɗin wata da aka tara kaza ne, ya koma ya zauna. Mutane su gyaɗa kai. Bayan wata shida sai a ji ana gunaguni cewa lissafi bai fita ba. Sau da yawa ba wanda ya ci ko kwabo. Ma'ajin ya faɗi jimla ne bai faɗi yadda ya haɗa ta ba.

A ɗauka ƙungiya ce mai mutum 40, kowa na biyan N2,000 a wata. Ma'ajin da ya san aikinsa zai miƙa wa shugaba 'yar takarda kamar haka:

"Malam Shugaba, ga lissafin kuɗin watan Maris. Mutum 33 sun biya cikakke, N66,000. Mutum 3 sun ba da rabi, N3,000. Mutum 4 ba su biya ba. Jimlar kuɗin Maris N69,000, saura N11,000 a hannun mutane. Ban da wannan, na karɓi N4,000 bashin Fabrairu daga mutum biyu, da N2,000 na Afrilu daga mutum ɗaya. Duk abin da ya shigo N75,000: tsaba N47,000, ta banki N28,000."

Abin da ya sa takardar ta yi kyau shi ne kowa na iya gwada ta da kansa. A fara da kawuna: 33 da 3 da 4 sun ba da 40, ba a manta da kowa ba. Sai a duba abin da ya kamata a samu da kowa ya biya, wato N80,000. Idan aka haɗa abin da aka karɓa da abin da ake bi, N69,000 da N11,000, dole a koma kan wannan adadi. In bai koma ba, tun a wurin taron za a gane, kafin magana ta yi tsami.

Inda ma'aji da yawa ke tuntuɓe shi ne bambancin N69,000 da N75,000. Kuɗin da ke cikin jaka ya fi kuɗin watan, domin bashin baya da biyan gaba sun shiga ciki. Wanda ya ce "kuɗin Maris N75,000" ya ɓoye gibin watan ba da niyya ba, jama'a su ɗauka N5,000 kacal ake bi. Afrilu na zuwa kuma mutumin da ya riga ya biya zai fito a jerin masu bashi, ya taso da rasit a hannu yana faɗa, kuma da gaskiyarsa. Haka tarar makara da kuɗin rajistar sabon shiga da biyan rance: kowanne layinsa daban, ba a cusa su cikin kuɗin wata.

Tura kuɗi ta waya ya kawo nasa ciwon kan. Mutum ya tura, ma'aji ya ga alat ya rubuta, ranar taro kuma ya yanka masa rasit ya sake rubutawa. Wani kuma matarsa ce ta tura da sunanta, a rasa na wane ne. Shi ya sa ake raba tsaba da na banki a takardar. Tsabar a ƙirga ta a gaban sakatare, na bankin a gwada shi da takardar bayanin asusu, ba da hoton rasit da wani ya turo ba.

In lissafi ya ƙi, girman gibin kan nuna inda za a nema. Idan ya yi daidai da kuɗin mutum ɗaya, N2,000, to an tsallake suna ko an rubuta shi sau biyu. Idan kuma gibin na rabuwa da tara ba ragowa, a duba ko an juya lambobi: wanda ya rubuta 74,000 a maimakon 47,000 zai ga bambancin 27,000. Tsohuwar dabarar akawu ce, kuma har yanzu tana aiki.

Sunayen masu bashi fa? A ganina a bar su a babban littafi. Takardar da za a karanta a bainar jama'a adadi ya ishe ta. Wanda ake bi ya san kansa, kwamiti ma ya sani.

Ƙungiyar da ta yi rajista a Nijeriya tana ƙarƙashin dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1993 ko takwararta ta jiha, kuma ana binciken littattafanta a kowace shekara. Mai binciken zai so ya ga takardun wata goma sha biyu sun dace da rasit da asusun banki. Saboda haka ma'aji ya sa kwanan wata, ya sa hannu, sakatare ma ya sa, a ajiye kwafi. Kai kuma ɗan ƙungiya, in aka faɗi jimla a taro mai zuwa, ka tambaya mutum nawa ne suka biya, nawa ake bi.