Idan Ka Manta da Shan Maganin Hawan Jini, Me Ya Kamata Ka Yi?

Masu hawan jini da yawa sukan tsallake shan maganinsu na rana ɗaya, ko saboda sammakon kasuwa, ko tafiya, ko hidimar biki. Mantuwar rana ɗaya ba ta cika jawo matsala ba. Abin da ya fi haɗari shi ne mutum ya ce zai rama, ya haɗiye ƙwaya biyu a lokaci guda.

Ga maganin da ake sha sau ɗaya a rana, kamar amlodifin, ƙa'idar mai sauƙi ce. Idan ka tuna kafin awa 12 ta wuce daga lokacin da ka saba sha, sai ka sha nan take. Idan awa 12 ta wuce, ka bar na ranar, gobe ka sha ƙwaya ɗaya a lokacinka.

A ce wani ɗan kasuwar Sabon Gari yana shan amlodifin mai miligiram 10 kullum ƙarfe 6 na safe, bayan sallar asuba. Ranar da ya manta, idan ya tuna da azahar, wajen ƙarfe 2, awa 8 ke nan ta wuce, don haka zai sha. Amma idan sai bayan isha'i ya tuna, wajen ƙarfe 8 na dare, an yi awa 14, sai ya haƙura zuwa safiya. Ba ya cikin haɗari don ya jira, domin amlodifin yana daɗewa a jiki. Sai an yi awa 30 zuwa 50 kafin rabinsa ya bar jini, wato maganin jiya yana nan yana aiki.

Wannan daɗewar ce kuma ta sa ninkawa ke da illa. Miligiram 10 shi ne iyakar abin da ake bai wa babba a rana. Idan mutumin nan ya sha biyu da safe, ya sha miligiram 20 a kan ragowar da ke jikinsa. Jininsa na iya sauka ƙasa sosai, ya ji jiri, idonsa ya yi duhu idan ya miƙe, har ya faɗi. Alamomin ba lalle su zo nan take ba, domin maganin yakan kai ƙarfinsa bayan awa 6 zuwa 12, wataƙila yana kan babur a hanyar Samaru. Haɗarin ya fi yawa ga tsofaffi, da masu ciwon ƙoda, da mai zawo ko amai, da kuma lokacin zafin Maris da Afrilu, da gumi ke rage ruwan jiki.

Wasu magungunan suna da nasu ƙarin sharaɗi. Maganin da ke sa yawan fitsari, idan ba ka tuna ba sai bayan la'asar, gara ka bar shi zuwa safe, don kada ya hana ka barci. Shi kuwa atenolol yana rage gudun bugun zuciya, saboda haka ninka shi na iya sa bugun ya yi sanyi ƙwarai, kuma daina shi farat ɗaya na iya tayar da ciwon ƙirji ga mai ciwon zuciya. Idan ka yi kwanaki ba ka sha atenolol ko lisinofiril ba, ka tuntuɓi likita ko mai harhaɗa magani kafin ka ci gaba. Idan kuma kana kokwanto ko ka sha na yau ko ba ka sha ba, kada ka ƙara.

In har ka riga ka sha biyu, ka zauna wuri ɗaya, kada ka tuƙa mota ko babur, ka kira likitanka, ka kuma riƙa auna jininka. Idan jiri ya kama ka, ka kwanta ka ɗaga ƙafafu. Awon da ya yi ƙasa da 90/60 tare da jiri, ko suma, ko ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, yana nufin a kai ka asibiti ba tare da jinkiri ba, kamar sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A tafi da kwalin maganin.

Haka nan idan bayan mantuwa awo ya kai 180/120 tare da tsananin ciwon kai, ko dishi-dishin gani, ko karkacewar baki, ko mutuwar ɓarin jiki, ƙarin ƙwaya a gida ba zai magance shi ba. A garzaya asibiti nan take.